Na koma ɗaga ƙarfe ina da 41, sati uku kafaɗa ta ƙi

Salamu alaikum malam. Ni mai butik ne a Zango, shekarata 41. Da can ina saurayi na ɗaga ƙarfe sosai, duk unguwa an san ni, aure da neman abinci suka sa na bari yau shekara 16. Yanzu tumbi ya fito, ko moto na tura sai haki. Sati uku da suka wuce na koma wurin ƙarfen yaran unguwarmu, kullum ina zuwa da yamma, amma ga shi kafaɗar dama ta kama ciwo har ban iya kwanciya a kanta, na hau sikeli kuma ko kilo ɗaya bai ragu ba. Yaran suna ce min baba, wani ya ce in sha tramol in ci gaba. Shin girma ne ya zo in haƙura, ko akwai abin da zan yi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tramol ɗin nan dai tun kafin mu je ko'ina ka bar shi inda ka gan shi, wanda ya ba ka shawarar ba shi zai yi jinyar kafaɗar ba. Ciwon da kake ji shi kaɗai ne ke faɗa maka inda za ka tsaya, in ka toshe masa baki da ƙwaya za ka ci gaba da ɗaga ƙarfen kana jin daɗi jijiyar tana ƙara lalacewa ba ka sani ba, ga kuma jarabar ƙwayar kanta wadda duk mun ga abin da ta yi wa yara a garin nan. Haka ma maganin ciwon jiki na masu tallar magani a kan tire, irin su diclofenac, mutum ya sha shi kullum yana zufa a zafin Damagaram bai sha ruwa isasshe ba, ƙoda yake wahalarwa.

Girma kuma bai zo ba. Amma bari in ba ka labarin wani maƙwabcina tela, na tambaye shi ya ce in faɗa ba komai in dai ban kama suna ba, don abin da ya same shi kusan naka ne sak, har kafaɗar ma ta dama ce.

Shi ma da can ƙaƙƙarfa ne, irin samarin nan da ake kira in mota ta maƙale a rairayi. Ya zauna kan keken ɗinki shekara goma sha wani abu, daga gida sai shago sai masallaci, shayi kuwa tun hantsi butar ba ta sauka daga kan gawayi. Ranar da ya cika arba'in ko kusa da haka ya zo ɗinka wa kansa wandon Sallah, ya ɗauki tef ɗin awonsa ya zagaya cikinsa daidai cibiya, ya ga santimita 102. Mutumin da tsawonsa mita ɗaya da 74. Ya ce min abin da ya ba shi haushi ba lambar ba ce, shi ne ya san duk alhazan da yake rubuta musu irin wannan lambar a kaye, kuma ya san abin da yake faɗa a ransa in yana rubutawa.

Bayan Sallah da kwana biyu sai ga shi wurin ƙarfe. Ka san irin wurin, benci na katako, bututun ƙarfe an zuba siminti cikin gwangwanaye an kafa a kowane gefe, wani wurin ma tsofaffin ƙarafan mota ne aka yi wa walda. Ya duba ya zaɓi wanda ya yi kama da abin da yake ɗagawa yana ɗan 23, ya kwanta ya tura shi sau shida, yara suka yi ihu. Wallahi ya ɗaga, ba ƙarya. Washegari ya koma, jibi ma ya koma. Kwana na goma ya kasa ɗaga hannu ya ɗauko yadi daga kan kanta, almakashi ma sai da yaronsa ya riƙa yi masa yanka. Ya zauna wata biyu yana cewa shi kam ya gama, jiki ya tsufa.

To a nan ne abin yake, kuma shi nake so ka fahimta fiye da komai a cikin wannan amsar. Mutumin da ya taɓa yin ƙarfe yana iya fin wanda bai taɓa yi ba shiga haɗari in ya dawo. Wanda bai taɓa yi ba ai sau da yawa ba ya ma iya ɗaga mai nauyi sosai, hannunsa rawa zai yi ya ajiye. Kai kuwa jikinka bai manta yadda ake yi ba, ƙwaƙwalwa ta san yadda za ta tattaro tsoka gaba ɗaya ta tura, kuma tsokar da ta taɓa girma tana saurin dawowa. Abin da ba ya saurin dawowa shi ne jijiyoyin nan masu tauri da suka ɗaure tsoka da ƙashi, irin farar agarar da kake gani a ƙafar rago wadda wuƙa ke wahalar yankawa. Tsoka ja ce, jini ya wadace ta, cikin ƴan satuttuka take amsa horo. Ita agara fara ce, jininta kaɗan ne, sai ta yi wata biyu zuwa uku ana ja mata kaya a hankali kafin ta fara ƙara ƙwari, kuma bayan arba'in abin ya ƙara nawa. Wato injin ya tashi amma igiyar da ke ja tsohuwa ce da ta shekara 16 a rataye. Kai kuma ka ɗora mata kayan ɗan shekara 25, kullum, ba ranar hutu. A kafaɗa abin ya fi saurin faruwa saboda gaɓa ce mai juyawa ko'ina, ƙananan tsokoki huɗu ne da jijiyoyinsu ke riƙe kan ƙashin a mazauninsa, kuma turin ƙarfe a kwance kan benci, hannuwa a buɗe sosai, su yake matsa wa.

Kafin in ci gaba da labarin, ka bambance ciwo biyu. Akwai tsamin jiki, wanda ke zuwa washegari ya fi tsanani a kwana na biyu, kana jin sa cikin naman kansa, yawanci duka gefe biyu, in ka motsa jiki ya ɗumama sai ya yi sauƙi, kwana uku zuwa biyar ya tafi. Wannan ba komai ba ne. Akwai kuma ciwon gaɓa, wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, gefe ɗaya, yana sukar ka in hannu ya kai wani tsayi, yana tashe ka da dare. Naka wannan ne. Don haka daga yau ba turin ƙarfe, ba ɗaga komai sama da kai. Amma kar ka naɗe hannun ka ajiye kamar na mai karaya, kafaɗar da aka daina motsawa sandarewa take yi, ka riƙa lilo da hannun a hankali kana sunkuye, ka riƙa hawa bango da yatsu har inda ciwon ya fara ka tsaya. In ka ga ba ka iya ɗaga hannun da kanka sam, ko ka ɗaga ya faɗo ba ƙarfi, ko ka ji wani abu ya yi ƙas ranar da abin ya faru, ko akwai kumburi ko hannun yana mutuwa, ko sati biyu zuwa uku sun wuce ba sauƙi, asibiti za ka je likita ya duba, ba wurin mai ɗori ba don ba ƙashi ne ya goce ba, jan da za a yi maka ƙara ɓata abin zai yi. Ko da ma ba haka ba ka je a auna maka tansiyo da sukari kafin ka koma. Hawan jini ba ya sallama, in ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, yadda ake faɗa a likitocinmu, to sai an yi maganarsa tukun, don mai ɗaga kaya mai nauyi yana riƙe numfashi jininsa hawa yake yi sosai a wannan lokacin.

Telan nan da ya zo wurina neman shawara, wajen farkon sanyi ne, na ce masa sharaɗi ɗaya, wata guda ba zai taɓa ƙarfe ba. Ya dube ni kamar na zage shi. Na ce bayan sallar asuba ka kama hanya ka yi tafiya minti 20, goma zuwa goma dawowa, kwana huɗu a sati, da saurin da za ka iya magana da mutum amma ba za ka iya rera waƙa ba. Kowane sati ka ƙara minti biyar. A shago kuma sau biyu a sati, Litinin da Alhamis, abu uku kawai. Ka zauna kan benci ka tashi ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma. Ka dafa teburin yanka ka yi pompi a tsaye a karkace, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari ba a baje ba, sau takwas. Sai ka ɗauki bido ka zuba ruwa lita biyar, ka dafa benci da hannu ɗaya ka jawo bidon zuwa ƙugu da ɗayan, sau goma kowane hannu. Kowanne ka maimaita sau biyu, ka huta minti ɗaya ko biyu a tsakani.

Ya ce lita biyar? Ƴata ma tana ɗauko fiye da haka daga famfo. Na ce na sani.

Dalilin bidon shi ne lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce daidai, kana iya ƙara kilo ɗaya tak. Ƙarfen simintin nan babbar matsalarsa ke nan, ba wanda ya san nauyinsa na gaskiya, wannan a ce talatin ne wancan hamsin, kuma babu komai a tsakaninsu, in ka gama da ƙaramin sai dai ka yi tsalle zuwa babban, tsallen nan shi ke cin kafaɗun mutane. Ja kuma na sa shi ya fi turi yawa da gangan, tela da mai butik duk a duƙe suke wuni, kafaɗu sun zubo gaba, bayan ya yi sanyi, sai mutum ya je wurin ƙarfe ƙirji kawai yake turawa don shi ake gani a riga.

Na kuma ce ya buɗe shafi a bayan kayen awonsa. Ranar, abin da ya yi, sau nawa, da yadda kafaɗa ta kwana. Sai abu biyu da zai riƙa aunawa, bugun zuciya da safe kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga na minti ɗaya cif da agogon waya, da kuma zagayen ciki daidai cibiya ranar Juma'a da safe kafin ya ci komai. Ranar farko bugun 84 ne, ciki 102, sikeli kilo 88.

Sati shida yana yi, bai fasa ba, sai dai kullum da ƙorafi. Ranar nan ya je kasuwar Dole ya hau sikeli ya dawo ya same ni a fada ransa a ɓace, ya ce 87 da rabi. Sati shida ina tashi cikin sanyin nan ina yawo kamar wanda akuyarsa ta ɓace, rabin kilo. Na ce kawo kayen. Muka buɗe, bugun zuciya ya sauko 78. Tafiyar da ya fara da minti 20 ta kai 45, kuma shi da bakinsa ya rubuta a wani wuri cewa ya hau tudun nan na wajen duwatsun Birni bai tsaya ba. Bido ya kai lita tara. Pompi ya sauko daga tebur zuwa benci. Ciki 100 da rabi. A shafin sati na huɗu ya rubuta "na kwana kan dama", ya ma manta ya rubuta.

Sikeli ɗan'uwa shi ne mafi ƙaryar ma'auni a watannin farko. Nauyin mutum yana hawa da sauka kilo ɗaya har biyu a rana ɗaya saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, ka ci tuwo da dare ka sha fura ka hau da safe wani abu ne, ka wuni a rana ka hau da yamma wani abu ne daban. Tsokar da aka fara wahalarwa kuma tana riƙe ruwa. Sannan gaskiyar da ba a so a ji, motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa. Kwalbar lemo ɗaya, sukarin da ke cikinta sai ka yi tafiyar kusan rabin awa kafin ka ƙone shi. Shi telan da muka zauna muka ƙirga shayinsa, zagaye uku da hantsi, uku bayan la'asar, wani lokaci da dare in aiki ya yi yawa, kuma ka san yadda ake zuba sukari a butar nan, ba da cokali ba, da ƙaramin kofin shayin ake aunawa. Ban ce ya bari ba don na san ba zai bari ba, ni ma ban bari ba. Ya koma zama ɗaya a rana, ya bar lemo sai ranar biki, da safe maimakon burodi da shayi mai madara ya koma ƙosai ko ƙwai biyu ko wake, tuwon dare ya rage malmala ɗaya. Shi ke nan abin da ya canja a ci. Garin ƙara tsoka na gwangwani da yara ke saye da tsada ba ka buƙatarsa, wake da gyaɗa da nono da ƙwai da fara in lokacinta ne sun ishe ka.

A sati na bakwai ya koma wurin ƙarfe. Kafin nan na sa shi ya ɗauki ƙaramin ƙarfen a kan moto ya kai wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa aka ɗora a sikeli, wanda ake ce wa talatin ashe 24 ne. Da shi ya fara, mutumin da ya tura kusan ninki uku na wannan ranar farko. Yaran suka yi ta dariya, ɗaya ya ce baba ko a kawo maka na mata. Ya ce min ranar ji ya yi kamar ya tashi ya ɗauki babban ya nuna musu, don ya san zai iya, kuma wallahi zai iya ɗin, abin da ya hana shi kawai ya tuna wata biyun da yaronsa ke masa yanka.

Ƙa'idar da muka bi mai sauƙi ce. Ka zaɓi nauyin da za ka iya yi sau takwas kana jin da sauran biyu ko uku a jikinka, ka tsaya a nan, kar ka kai inda fuska ke murtukewa baya ya bar benci. Ka yi haka sau uku. Zuwa na gaba ka nemi tara, na gaba goma, har ka kai sha biyu a duka ukun, ka maimaita sha biyun a zuwa biyu a jere, sannan ka ƙara kilo ɗaya ko biyu ka koma takwas. Da yake babu ƙananan faranti, robobin ruwa ya riƙa ɗaurawa da tsumman yadi a kowane gefen bututun, na rabin lita biyu kilo ɗaya ke nan, na lita ɗaya da rabi guda biyu kilo uku. Tsakanin zuwa da zuwa kwana ɗaya aƙalla, sau uku a sati shi ne iyaka. Kafin ya taɓa ƙarfe minti goma na ɗumama jiki, tafiya da sauri, juya hannuwa, sannan ya tura bututun da ba komai. Hukunci kuma na washegari ne, in ya ɗan ji kafaɗar lokacin yi amma da safe ta koma yadda take, an yi daidai. In ta kwana tana magana, an wuce gona da iri, a koma baya mataki ɗaya.

Inda ya kusa sake faɗawa, wata na uku ne, kuma kai ma a nan za ka kusa faɗawa shi ya sa nake gaya maka tun yanzu. Lokacin ƙarfi ya dawo da gudu, ƙarfen da yake turawa ya zama kamar wasa, riga ta fara kama damtse, matarsa ma ta yi magana. Ranar wata Alhamis jiki ya yi daɗi, yara suna zuga shi, ya tsallake daga 32 ya ɗauki na wajen 45, ya tura sau biyar lafiya lau. Da dare kafaɗa ta tashe shi. Ya zo da safe yana sosa ƙeya, na ce to jiki ya fi kunne ji. Allah ya taimaka gargaɗi ne kawai, sati ɗaya ya bar turi ya ci gaba da ja da tafiya, ya dawo a 28. Abin da ya rubuta a kaye ranar ba zan iya maimaitawa a nan ba, kansa ya zaga.

Daga nan ne na ga mutumin ya canja, ba wai ya zama wani waliyyi ba, kawai ya daina duban abin da ya rage masa ya koma duban shafin jiya. Ya zo ya ce min yau na yi sha ɗaya, ranar Litinin goma na yi, yana murna kamar an biya shi bashin ɗinkin Sallah. Sau ɗaya tak fa aka ƙara. Amma ka yi lissafi, kilo biyu a sati uku in ya ɗore wata shida kilo goma sha shida ne, kuma ba ya ɗorewa a miƙe, akwai satin da ba a ƙara komai, akwai wanda ake komawa baya don ba a yi barci ba ko aiki ya yi yawa. In sati uku sun wuce lamba ba ta motsa ba, kafin ka ce ƙarfen ne ka duba barcinka, mai hirar fada har ƙarfe ɗaya na dare ya tashi asuba jikinsa bai samu lokacin gyara ba.

Da azumi ya zo bai nemi ƙari ba, sau biyu a sati bayan sallar asham, nauyin da yake kai ya tsaya a kansa, ga shi tela ne kwanan shago suke yi. Zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, ya bar zuwa da yamma sam ya koma bayan asuba, da robar ruwansa. Ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi duhu ruwa ya yi kaɗan. In kuwa bayan wani horo mai tsanani ka ga ya koma kalar baƙin shayi ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar, tsoka ce ta farfashe tana zuba cikin jini kuma tana iya taɓa ƙoda. Haka in kana cikin yi ka ji ƙirji ya matse, ko jiri, ko numfashi ya ƙi, ajiye ka nemi likita.

Da damina zazzaɓin sauro ya kwantar da shi, sati biyu bai motsa ba, ya rame ya yi laushi. Da mutumin da ne da ya ce an koma sifili. Shi kuwa ya jira ya gama magani, ci ya dawo, ya buɗe kaye ya duba inda ya tsaya, ya ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan nauyin ya fara, cikin sati uku ya cimma inda yake. Bai ma tambaye ni ba, daga baya na ji.

Yanzu shekara ta zagayo. Bugun zuciyarsa da safe 68 zuwa 70. Sikeli 82, kilo shida a shekara guda, wanda in ka gaya wa mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne. Ciki 93. Bai kai ba tukun, don abin da ake so zagayen ciki kar ya wuce rabin tsawon mutum, shi nasa 87 ke nan, ya sani, yana nan yana bi. Ƙarfen da ya ji masa ciwo ranar farko har yau bai koma kansa ba, yana tura 50 sau goma kafaɗa shiru, ya ce wancan ɗin yana nan ba inda za shi. Yaran har yanzu baba suke ce masa, sai dai biyu daga cikinsu sun sayi kaye.

Kai yanzu ga abin da za ka yi. Sati biyun nan masu zuwa tafiyar asuba kawai da motsa hannun a hankali, ka je a auna tansiyo, in alamomin da na lissafa akwai ko ɗaya ka nuna kafaɗar. Ran da ka kwana uku a jere kan dama ba ta tashe ka ba, ka fara da bido lita biyar da pompi a jikin kantar butik ɗinka, sau biyu a sati, wata guda. Sikeli kar ka hau shi sai sau ɗaya a wata, da safe, sikeli ɗaya. Ka samu tef wurin telan unguwarku ka auna cikinka wannan Juma'ar, ka rubuta a bayan littafin da kake rubuta masu bashi. Bayan sati shida ka turo min lambobin guda uku, bugun zuciya, ciki, da litar da bidon ya kai, sai mu ga ko lokacin komawa wurin yaran ya yi. Allah ya ƙara sauƙi.